Hoton tabon fata da likita zai iya aiki da shi

"Mahaifiyata tana da wani baƙin tabo a tafin ƙafarta ta hagu, kusa da diddige. Ta ce ya daɗe, amma ni ina ganin kamar ya ƙara faɗi. Likitan fata yana nesa da mu, shi ne ya ce in fara tura masa hoto. Sau biyu ina turawa yana cewa bai ga launin sosai ba, bai san girmansa ba, gefen kuma ya yi dishi-dishi. Ni a idona hoton ya fito. Yaya zan ɗauka?"

'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya, ya kuma saka miki da kulawar da kike yi.

Ke kina kallon hoton ne bayan kin riga kin ga ƙafar da idonki, don haka duk abin da hoton ya rage, ƙwaƙwalwarki tana cike shi ba tare da kin sani ba. Likita ba shi da komai sai abin da ke kan allo. Ita kuma waya ba gaskiya take nema ba, kyau take nema. Ita ke zaɓar hasken da ta ga dama, ta gyara launi yadda take zato, ta zaɓi inda za ta mai da hankali, wani lokaci har ta goge fata ta yi sumul. Aikinki shi ne ki hana ta wannan zato, ki kuma sa shaida a cikin hoton kansa, yadda likita ba sai ya yi kirdado ba.

Mu fara da haske, don a nan launi yake lalacewa. Ki ɗauki hoton da rana, a kusa da taga, ko a inuwa mai haske a waje. Kada rana ta faɗo kan ƙafar kai tsaye, domin za ta haska wani ɓangare ya yi fari fat, ta jefa wani cikin baƙar inuwa, sai tabo mai launi ɗaya ya fito kamar mai launi biyu. Idan ranar tana shigowa ta tagar, farin labule mara kauri yana tausasa ta. Ki kashe ƙwan ɗakin. Mutane da yawa suna barinsa a kunne wai don haske ya ƙaru, alhali ƙwan da ke ba da haske rawaya-rawaya da hasken rana mai ɗan shuɗi-shuɗi idan suka haɗu a kan fata ɗaya, wayar ba ta iya daidaita su biyun. Ɗaya za ta bi, ɗayan ya rine hoton. Fitilar kyamara ma ki kashe ta. A kusa, tana barin farin ƙyalli a daidai tsakiyar hoto, wato a kan tabon da ake son gani, kuma tana shafe tudu da kwarin fata.

Wannan ƙyalli ya fi damun fata mai duhu da wadda aka shafa wa mai. Saboda haka a wanke ƙafar da ruwa, a tsane ta da tawul a hankali, a bar ta kamar minti 10 ta bushe sarai, kada a shafa komai. Fatar tafin ƙafa idan ta jiƙe tana yin fari-fari ta yamutse, sai ta rufe launin da ke ƙasa. Kada a goge wurin da dutsen goge kaushi, kada a kankare shi da reza don wai ya fito sosai. Kankara tana iya jawo jini da ja, likita kuma ba zai san ko tabon ne ya yi haka da kansa ko hannu ne ya taɓa shi ba, alhali amsar wannan tana da nauyi a wurinsa.

Abin da ke bayan ƙafar shi ma yana shiga cikin lissafin wayar. Idan kika ɗora ƙafar a kan farin zanen gado, wayar za ta ga fari ya cika mata ido, ta rage haske, sai fatar ta yi duhu, tabon ya koma baƙin dunƙule ɗaya ba a ganin komai a cikinsa. Idan kuma bayan baƙi ne ƙirin, za ta ƙara haske har fata ta koɗe. Ki nemi yadi mara zane, mai ruwan toka ko shuɗi mai matsakaicin duhu. Jan yadi ko kore shar yana mayar da launinsa kan fata, ki guje su. Sannan ki yanki farar takarda ƙarama, kamar girman ɗan yatsa, ki ajiye ta a gefen tabon. Ita ce shaidar launi. Idan ta fito fara a hoto, likita zai yarda da sauran launukan. Idan ta fito rawaya ko shuɗi, ke da kanki kin san hasken bai yi ba, sai ki canza wuri.

Dalilin wannan wahala a kan launi shi ne, tambayar likita ba ta tsaya a kan baƙi ne ko ba baƙi ba. Yana son ya ga ko launin ɗaya ne daga wannan gefe zuwa wancan, ko kuwa akwai ruwan ƙasa a nan, baƙi a can, ɗan toka-toka ko shuɗi-shuɗi a tsakiya, ko wani wuri da ya koɗe. Yana kuma son ya bambanta launin fata da jinin da ya kwanta a ƙarƙashinta, wanda gogar takalmi kan jawo a diddige, mai ɗan ja-ja ko ruwan hanta. A cikin hoto mai duhu duk waɗannan abu ɗaya suke zama.

Yanzu ga dishi-dishi. Kafin komai ki goge gilashin kyamarar da yadi mai laushi. Maiƙon yatsa kaɗai yana isa ya sa hoto ya yi hazo. Ki yi amfani da kyamarar baya, ta fi ta gaba kaifi. Ki duba ki tabbatar babu Beauty, babu Filter, kuma ba a kan Portrait kike ba, domin shi da gangan yake dusashe abin da ke kewaye, yakan kuma ci gefen abin da ake ɗauka.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne kai wayar dab da fata. Babbar kyamarar yawancin wayoyi ba ta iya kama abu da kyau idan ya fi kusa da kamar santimita 10, a wasu ma nisan ya fi haka. Idan kika matsa fiye da nan, tabon zai cika allo amma babu kaifi, ga inuwar wayar ta faɗo a kansa. Wasu wayoyin kuma da kin matsa sai su sauya da kansu zuwa wata kyamarar mai faɗin gani, wadda sau da yawa ba ta kai babbar inganci ba. Ki ja baya zuwa santimita 20 ko 30, kamar taƙi ɗaya da ɗan ƙari, ki danna 2x. Kada ki yi ta jan allo da yatsu biyu zuwa 6x ko 10x. A yawancin wayoyi wannan ba ya ƙara komai, hoton kawai yake buɗawa, wayar ta cike giɓin da ƙirƙirarta, gefen tabo ya fito kamar an zana shi da fenti.

Ki taɓa tabon a kan allo da yatsa don wayar ta san shi ake nufi. Idan kika danna kika riƙe na daƙiƙa biyu, wayoyi da yawa za su kulle kaifi da haske a wurin, a kan iPhone za ki ga an rubuta AE/AF Lock. Kusa da inda kika taɓa akwai 'yar alamar rana da ake ja sama ko ƙasa. Ki ja ta sama kaɗan har ki fara ganin abin da ke cikin tabon, ki tsaya kafin farar takardar nan ta yi ƙyallin da gefenta zai ɓace. Mama ta kwanta rub da ciki, ko ta zauna ta miƙe ƙafar a kan kujera, ƙafar ta kwanta a kan wani abu, kada ta riƙe ta a iska. Ke kuma ki dafa gwiwar hannunki a kan katifa ko teburi. Idan hannunki yana rawa, ki sa wa kyamarar ƙidayar daƙiƙa 3, don danna maɓallin shi kansa yana girgiza waya.

Ga yadda za ki gwada hoton kafin ki tura. Ki buɗe shi, ki ja shi da yatsu biyu har tabon ya cika allo. Tafin ƙafa yana da siraran layuka irin na zanen yatsa. Idan kina ganinsu ɗaya bayan ɗaya har zuwa bakin tabon, hoton ya yi. Idan sun narke sun zama laushi ɗaya, ki sake, komai kyawun da ya yi kafin a ja shi. Wannan gwaji ya fi dogaro da ido, don a ƙaramin allo kusan kowane hoto kyau yake yi. Likita yana kallon gefen ne ya ga ko a zagaye yake sumul, ko yana shiga yana fita kamar haƙoran zarto, ko launin yana malala cikin fatar da ke kewaye ba tare da iyaka ba. To idan hoton ne ya yi hazo, tabo mai tsabtataccen gefe zai yi kama da mai malala, ya tayar da hankali a banza. Mafi muni kuma, mai malalar gaske ya ɓuya a cikin hazon.

Girma ba a gane shi sai da ma'auni a cikin hoto. Ki samo rula mai layukan milimita, wadda ba ta ƙyalli. Ta takarda ko tef ɗin awo na tela, ɓangaren santimita, sun fi ta ƙarfe. Kwabo ko yatsa ba sa wadatarwa, domin likita ba lallai ya san girmansu ba. Ki kwantar da rular a jikin fata, dab da tabon, amma kada ta rufe ko da ɗigon gefensa, lambobin kuma su fito a karanta.

A jikin fata na ce, kuma da dalili. A ce tabon Mama milimita 8 ne a gaskiya. Kin riƙe wayar a santimita 10 daga ƙafar, wani kuma ya riƙe miki rular a iska, santimita 2 sama da fatar. Rular ta fi tabon kusa da kyamara ke nan, tana santimita 8 shi yana 10, saboda haka za ta fito da girma fiye da yadda ya kamata da kashi ɗaya cikin huɗu. Idan likita ya auna tabon da ita, zai samu kamar milimita 6 da rabi. Da a ce kina santimita 30, wannan kuskuren na santimita 2 zai sa ya karanta kamar 7 da rabi, wanda ya fi kusa da gaskiya. Wannan wani dalili ne na ja da baya. Karkata ma haka take yi. Idan kika ɗauki hoton a karkace, rabin hanya tsakanin tsaye da kwance, tabon mai milimita 8 zai tsuke ta wannan fuskar ya koma ƙasa da 6, mai zagaye ya fito kamar ƙwai. Bayan wayar ya fuskanci fatar sak, kamar yadda kike yi idan za ki ɗauki hoton takarda. Tun da diddige a lanƙwashe yake, abin da za ki daidaita da shi shi ne ɗan wurin da tabon yake, ba ƙafar gaba ɗaya ba.

Milimita ɗaya ko biyu ba ƙaramin abu ba ne a nan. Likitocin fata suna da wata ƙa'ida ta tantance tabon da ke iya zama melanoma, wato nau'in kansar fata da ke fitowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi. An fitar da ita a 1985, aka ƙara mata sharaɗin canzawa a 2004. Tana duba ko rabin tabon ya yi daidai da ɗaya rabin, da gefensa, da launinsa, da ko faɗinsa ya wuce milimita 6, da kuma ko yana canzawa. Kin ga hoton da ya mai da 8 ta koma ƙasa da 6 ya tsallakar da tabon daga wannan gefen layi zuwa wancan. Layin ba hukunci ba ne, akwai manyan tabo marasa illa, akwai ƙanana masu illa, amma bai kamata karkatar waya ce za ta yanke shawara ba. Idan tabon ba zagayayye ba ne, ki ɗauka sau biyu, rula a tsayinsa, rula a faɗinsa.

Hoto ɗaya ba ya isa. Ki fara da na nesa, wanda ya ɗauki tafin ƙafar duka daga yatsu zuwa diddige, don a san wace ƙafa ce kuma ina tabon yake. Hoton kusa shi kaɗai fata ce kawai, ba a san ko hannu ne ko ƙafa ba. Sai na tsakiya, tabon da kamar faɗin tafin hannu na fatar da ke kewaye, da rula da farar takarda. Sai na kusa, iya matsowar da za ki yi ba tare da kaifi ya ɓace ba, lafiyayyar fata ta zagaye tabon ta ko'ina. Kada ki yanke hoton dab da gefensa, don iyaka ba ta ganuwa sai da abin da ke bayanta. Na ƙarshe ki sunkuyar da wayar ki ɗauka daga gefe, hasken taga yana zuwa ta ɗaya ɓangaren. Wannan ne kaɗai hoton da ake so a karkace, shi ke nuna ko tabon a shafe yake ko ya taso. Kowanne ki ɗauka sau uku ko huɗu, ki zaɓi wanda ya ci gwajin layukan nan. Ina kuma ba da shawarar ki haɗa da hoton ɗaya ƙafar. Masu duhun fata da yawa suna da ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa a tafin ƙafafu biyu, marasa illa, kuma sanin cewa wannan tabon shi kaɗai ne ko yana da 'yan'uwa zai taimaki likita.

Bayan duk wannan, turawa tana iya ɓata aikin. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa nauyi, siraran layukan da kika sha wahala a kansu su ne farkon tafiya. Ki tura shi a matsayin Document, ko aƙalla ki danna HD kafin ki aika. Kada ki tura hoton allo na hoton, kada ki gyara haske ko launi bayan ɗauka, kada ki zana da'ira a kan tabon. Idan kina son nuna wuri, ki yi zanen a kan kwafi, ki tura da na asalin. Idan asibitin yana da tasa hanyar karɓar hotuna, ita ta fi, kuma tun da ƙafa ce babu buƙatar fuskar Mama ta fito. Ki nemi izininta kafin ki tura wa kowa. A ƙasan hotunan ki rubuta shekarunta, ƙafar hagu, ranar da aka ɗauka, tun yaushe aka lura da tabon, ko yana ƙaiƙayi, ciwo ko jini, ko ta taɓa jin rauni a wurin, ko tana da ciwon suga, da duk abin da aka taɓa shafa masa.

Batun ko ya ƙara faɗi, ido ba ya riƙe milimita. Ki bincika tsofaffin hotuna a wayoyin gida, wataƙila akwai wanda ƙafar ta fito a ciki, ko da daga nesa. Daga yau kuma hoton da kika ɗauka shi ne mafari. Duk wanda zai biyo baya a ɗauke shi a taga ɗaya, a lokaci ɗaya na yini, da rula ɗaya, a nisa ɗaya, in ba haka ba bambancin da za ki gani na ɗauka ne ba na tabo ba.

Sai dai a nan zan ɗan taka miki burki, don kada ki zauna kina tara hotuna wata da watanni. A masu duhun fata melanoma ba ta da yawa, amma idan ta zo, tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce suna cikin wuraren da ta fi fitowa, kuma sau da yawa a makare ake gano ta saboda ba ta ciwo da farko kuma ba kowa ke duba ƙasan ƙafa ba. Yawancin tabon da ke wurin ba ita ba ce. Amma tabo a tafin ƙafar babban mutum, wanda na kusa da shi ke ganin yana faɗi, ya cancanci likita ya gan shi ido da ido. Yana da wata 'yar na'ura mai fitila da ke ƙara girma kamar sau 10, wadda yake ɗorawa a kan fata. A tafin ƙafa, da ita yake duba ko launin ya bi tudun siraran layukan nan ne ko ya kwanta a kwarinsu, bambancin da ke da ma'ana sosai kuma wayarki ba za ta nuna shi yadda za a dogara ba. Idan ya yi shakka, sai an yanki fatar an duba a ɗakin gwaji kafin a tabbatar. Amfanin hotonki shi ne ya taimaka masa ya san ko a kawo Mama cikin makon nan ne ko za a iya ba ta rana nan gaba.

Idan tabon yana zubar da jini ko ruwa, ko ya fashe ya zama gyambon da ya ƙi warkewa, ko wani ƙullutu ya taso a cikinsa, ko kin ji kumburi a matsematsinta na wannan ɓangaren, kada ki jira amsar hoto, ki kai ta asibitin da ya fi kusa a duba ta a tura ta gaba. Haka kuma idan kin bi duk matakan nan kin tura karo na uku likita ya ce har yanzu bai gamsu ba, kada ki sake na huɗu. Ki tambaye shi ranar da zai gan ta, ki tafi da wayar da hotunan na asali a ciki.